Yadda ake raba mutanen gari rukuni-rukuni bisa shekaru a Excel, a ƙirga kowane rukuni ba tare da an ɓatar da kowa ba

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, toh duk wani aikin rubuta sunaye kaina yake faɗowa. Kwanakin baya dagaci ya kira ni ya ce "Malam Sakatare, an ce mu kawo adadin mutanen unguwanni biyu, amma ba jimla kawai ake so ba, yara 'yan ƙasa da shekara biyar daban, 'yan makaranta daban, matasa daban, magidanta daban, tsofaffi daban." Na ce ranka ya daɗe an gama. Sunaye ɗari huɗu da 'yan kai ne a littafi, muka zauna ni da ƙanina muna ƙirgawa da biro, sau uku muka ƙirga kuma sau ukun amsa daban muke samu, ba don bamu iya lissafi ba, sai don ni ina sa mai shekara 35 cikin matasa shi kuma yana sa shi cikin magidanta, wani layin kuma ido ya tsallake shi. Daga ranar na koma yin aikin a Excel, kuma abin da zan nuna muku kenan. Yana yi a kwamfuta, yana yi a waya, Google Sheets ma duk fomular iri ɗaya ce.

Abu ɗaya nake so ya zauna muku kafin mu fara: iyakar kowane rukuni a wuri ɗaya tak ake rubuta ta, a wani ɗan ƙaramin tebur a gefe, sauran aikin duk daga wannan teburin yake ɗauka. In ka rubuta iyaka a cikin fomula nan, ka sake rubutawa can, ranar da aka ce a canza sai ka manta da ɗaya.

Ka fara da mutum 12, kar ka fara da ɗari huɗu

Buɗe sabon shafi. A layin farko ka rubuta kan magana: A1 Lamba, B1 Jinsi, C1 Shekaru, D1 Rukuni. Daga layi na 2 zuwa na 13 ka sa lamba 1 zuwa 12 a kolom A, sannan ka cika B da C da waɗannan mutanen bi da bi: Mace 3, Namiji 35, Mace 17, Namiji 60, Namiji 5, Mace 18, Mace 42, Namiji 0, Mace 70, Namiji 36, Mace 4, Mace 25. Da gangan na zaɓi waɗannan shekarun, yawancinsu a bakin iyaka suke, domin a nan ne kuskure yake ɓuya. Mai shekara 42 ko makaho ya san inda zai sa shi, amma 4 da 5, 17 da 18, 35 da 36, su ne masu kawo gardama.

A kolom C lamba zalla ake so. Kar a rubuta "shekara 35", kar a rubuta "35 da rabi", kar a rubuta "wata 8". Jaririn da bai cika shekara ba 0 ake sa masa. Wannan na jariri ku kula da shi sosai, don in mai ɗaukar suna ya rubuta 8 yana nufin wata takwas, babu fomular da za ta gane, za ta ɗauke shi ɗan shekara takwas ta kai shi cikin 'yan makaranta. Tun kafin a fita ɗaukar sunaye ake faɗa wa yaran da za su yi aikin.

Teburin iyaka

Ka bar kolom E, ka je F, G da H ka rubuta haka:

```
     F        G               H
1    Mafari   Rukuni          Adadi
2    0        0 zuwa 4
3    5        5 zuwa 17
4    18       18 zuwa 35
5    36       36 zuwa 59
6    60       60 zuwa sama
7    111      A duba
8             Babu shekaru
```

Kolom F mafarin kowane rukuni ne, wato mafi ƙanƙantar shekarar da take shigar da mutum ciki. Ba a rubuta ƙarshen rukuni ko kaɗan, ƙarshensa shi ne inda na gaba ya fara. Amfanin haka shi ne ba zai yiwu a bar rami tsakanin rukunai ba, kuma ba zai yiwu mutum ɗaya ya faɗa rukuni biyu ba. Fom da yawa da ake aiko mana sai ka ga an rubuta 18 zuwa 35, a ƙasa kuma 35 zuwa 60, toh mai 35 ina zai shiga? In ka ga irin wannan, ka kira wanda ya aiko da fom ɗin ka tambaye shi kafin ka taɓa kwamfuta, abin da ya faɗa shi za ka sa a kolom F.

Dole lambobin F su tafi daga ƙarami zuwa babba, kuma dole na farko ya zama 0. Layi na 7 tarko ne na kama kuskuren rubutu, layi na 8 kuma F8 a bar shi babu komai, duk zan dawo kansu.

Sunan rukuni kuma ga dalilin da ya sa na rubuta "zuwa" ban sa ɗan layi ba. In ka buga 5-17 a akwati, Excel zai ɗauka kwanan wata kake nufi ya mayar da shi wata rana a watan Mayu. In kuma ka sa wa rukuni suna `<5` ko `>60`, fomular ƙirga za ta karanta alamar a matsayin umarni, ta tafi neman lambobin da suka gaza biyar a kolom ɗin da babu lamba ko ɗaya, ta dawo maka da sifili. Ka rubuta da Hausarka kawai ka huta.

Fomular da take kai kowa rukuninsa

A D2 ka rubuta:

```
=VLOOKUP(C2,$F$2:$G$7,2,TRUE)
```

Abu huɗu ne a cikin baka. C2 shi ne shekarun da ake nema wa gida. `$F$2:$G$7` shi ne teburin iyaka. Lamba 2 tana cewa a dawo da abin da yake kolom na biyu na teburin, wato sunan rukuni. Na ƙarshen, TRUE, shi ne duk sirrin aikin. Waɗanda suka koyi VLOOKUP a wajen koyon kwamfuta galibi FALSE aka nuna musu, wanda yake neman lamba sak, in babu ita ya ce babu. Da FALSE mai shekara 42 ba zai samu gida ba, tunda babu 42 a teburin. TRUE kuwa cewa yake a nemo mafi girman lamba a kolom F wadda ba ta wuce shekarun mutumin ba.

Kamar kana cikin mota ne ka taso daga Kano aka kira ka aka ce kana ina, ka ce na wuce Wudil ban kai Gaya ba. Garin da ka baro na ƙarshe shi ne amsa. Mai 42 ya wuce 0, ya wuce 5, ya wuce 18, ya wuce 36, bai kai 60 ba, toh gidansa layin 36. Mai 35 ya wuce 18 bai kai 36 ba, yana 18 zuwa 35. Mai 60 cif ya taka 60, ya shiga tsofaffi. Wanda ya taka mafari ya shiga, wannan ita ce ƙa'idar kullum.

Yanzu ka kwafi D2 ka liƙa a D3 har D13. A kwamfuta ɗan ɗigon da ke kusurwar akwati ta ƙasa a dama za ka ja, a waya kuma ka kwafa, ka zaɓi D3 zuwa D13, ka liƙa. Abin da ya kamata ka gani: mai 4 yana 0 zuwa 4, mai 5 da mai 17 suna 5 zuwa 17, mai 18 da mai 35 suna 18 zuwa 35, mai 36 ya tsallaka.

In layukan sama sun yi daidai amma kana sauka ƙasa sai `#N/A` ya fara yawa, alamar dala ka manta. Ba tare da `$` ba, duk layin da ka sauka teburin ma sauka yake da kai, D3 ya koma duba F3 zuwa G8, D4 ya duba F4 zuwa G9, har ya fita daga teburin gaba ɗaya. A kwamfuta in ka zaɓi F2:G7 a cikin fomula ka danna maɓallin F4 na kibod zai sa maka dalolin da kansa. In kuma fomular ta ƙi shiga gaba ɗaya, wata kwamfutar saitinta `;` take so a maimakon waƙafi, ka gwada canzawa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne teburin da ba a jera ba. Da TRUE, Excel ba ya bin layukan ɗaya bayan ɗaya, tsakiya yake faɗawa ya duba, ya yar da rabi, ya sake faɗawa tsakiyar abin da ya rage, domin ya yarda cewa a jere suke. In ka ƙara sabon rukuni a ƙasan teburin, misali ka ce bari in raba yara ka sa 12 a ƙarƙashin 111, ba lallai ya nuna maka wata alamar kuskure ba, sai dai ya riƙa kai mutane gidan da ba nasu ba shiru. Duk sanda ka taɓa kolom F ka karanta shi daga sama zuwa ƙasa da idonka.

Ƙirga

A H2 ka rubuta wannan ka ja shi har H8:

```
=COUNTIF($D$2:$D$13,G2)
```

Yana duba kolom D ne ya ƙirga sau nawa sunan da ke G2 ya fito. Ka lura ban buga sunan rukunin da hannu a fomula ba, G2 na nuna masa, don in gobe na canza suna a teburin komai ya bi. Amsar da za ka samu daga sama zuwa ƙasa: 3, 2, 3, 2, 2, 0, 0. A H9 ka haɗa jimla, a H10 kuma ka ƙirga mutanen da ke rajistar:

```
=SUM(H2:H8)
=COUNTA(A2:A13)
```

Duka biyun 12 za su ba ka. In suka saɓa, akwai wanda ya ɓace, ka sauka kolom D ka nemi `#N/A`.

Amma kar jimla ta rufe maka ido, ga gwajin da nake so kowa ya yi da hannunsa. Je C10, tsohuwar nan mai shekara 70, ka goge shekarunta ka bar akwatin babu komai. A Excel za ka ga D10 ya koma "0 zuwa 4", don akwatin da babu komai sifili yake ɗaukarsa. Yara sun zama 4, tsofaffi sun koma 1, jimla kuma tana nan 12 lafiya lau. Wlh wannan shi ya kama ni a rajistarmu, domin tsofaffi da yawa da aka tambaye su shekaru sun ce Allah ne masani, yaran da suka ɗauki suna suka bar wurin fili, sai duk suka tattara cikin jarirai. Da ban lura ba da an kai rahoton cewa yaranmu sun fi yadda suke, tsofaffin kuma da ake neman a taimaka musu sun ragu a takarda. Abin ya dame ni ƙwarai, don waɗannan iyayenmu ne da na sani ɗaya bayan ɗaya.

Maganinsa a canza D2 zuwa wannan a sake ja ƙasa:

```
=IF(ISNUMBER(C2),VLOOKUP(C2,$F$2:$G$7,2,TRUE),"Babu shekaru")
```

Yanzu sai an tabbatar lamba ce a C2 kafin a nema mata gida, in ba lamba ba ce a rubuta Babu shekaru, H8 kuma ya ƙirga su. Ka tabbata yadda ka rubuta kalmomin a fomula haka suke a G8. Bayan wannan gyaran tsohuwar za ta fito a layi na 8, yara su koma 3, ka san mutum ɗaya ne za a koma gidansa a tambaya. Ka mayar mata da 70 ɗinta mu ci gaba.

Wannan fomular tana kama wata cuta ta biyu, lambar da a ido lamba ce amma a wajen Excel rubutu ce. Tana yawan zuwa in an kwafo sunaye daga WhatsApp ko daga wata manhajar ɗaukar bayanai. Alamarta, lambar tana manne a hagun akwati maimakon dama, wani lokacin da ɗan kore a kusurwa. In ka ga mutum da 35 a gabansa amma D ya ce Babu shekaru, ita ce. In kaɗan ne ka sake buga su da hannu, in suna da yawa ka zaɓi kolom C ka je Data ka danna Text to Columns ka danna Finish, yawanci yana mayar da su lamba.

Layin 111 kuma ga aikinsa. Rukunin ƙarshe ba shi da rufi, duk lambar da ta wuce 60 ciki take faɗawa komai girmanta. Yatsa ya zame an buga 250 maimakon 25, ko wani ya rubuta shekarar haihuwa 1998 a wurin shekaru, duk tsofaffi za su zama. Da na sa 111 a matsayin mafarin "A duba", irin waɗannan sai su taru a wuri ɗaya in gan su. Ba wata doka ba ce 111 ɗin, ni na zaɓa, kai kana iya sa 101.

Ƙirga ta hanya ta biyu, don a kama ta farko in ta yi ƙarya

Ni bana kai rahoto sai hanya biyu sun ba ni amsa ɗaya. Ta biyun ba ta kallon kolom D sam, kai tsaye take ƙirga shekaru. A I2 ka rubuta wannan ka ja har I6:

```
=COUNTIFS($C$2:$C$13,">="&F2,$C$2:$C$13,"<"&F3)
```

Ma'anarsa, a ƙirga waɗanda suka kai mafarin wannan layin amma ba su kai mafarin layin ƙasa ba. Alamar `>=` tana cikin alamar zance, sai `&` ta haɗa ta da akwatin. In ka sa F2 a cikin alamar zancen, sifili za ka samu, nan mutane da yawa suke maƙalewa. Kar ka ja shi zuwa I7, don F8 babu komai a ciki, shi layin ƙarshe nasa daban ne:

```
=COUNTIF($C$2:$C$13,">="&F7)
```

Wannan hanyar ba ta ƙirga akwatin da aka bari fili, shi ya sa da ka yi gwajin tsohuwar nan da tsohuwar fomula, H2 zai ce 4 ita kuma I2 ta ce 3, nan take ka san akwai matsala. Kolom H da I su zama iri ɗaya layi bayan layi.

In ana son maza da mata daban, kuma kusan kullum ana so, ka rubuta Mace a J1, Namiji a K1, sannan a J2:

```
=COUNTIFS($D$2:$D$13,$G2,$B$2:$B$13,J$1)
```

Ka ja shi dama zuwa K, ka ja ƙasa. Dalar da ke gaban G tana riƙe kolom, wadda ke gaban 1 tana riƙe layi, shi ya sa fomula ɗaya ta isa. A misalinmu 0 zuwa 4 mata 2 namiji 1, 18 zuwa 35 ma mata 2 namiji 1, sauran rukunai ukun ɗaya da ɗaya, jimla mata 7 maza 5. Babban baƙi ko ƙarami ba ya damun COUNTIFS, "mace" da "MACE" duk ɗaya ne, amma in akwai tazara a bayan kalmar, wadda waya take yawan ƙarawa da kanta, ba zai ƙirga ba. In J da K ba su haɗu sun ba da H ba, can za ka duba.

Da komai ya yi daidai a mutum 12, sai ka zuba ainihin rajistar, ka canza 13 ɗin da ke cikin fomulolin ƙirga zuwa layinka na ƙarshe, ka ja D har ƙasa. Mantawa da canza 13 ɗin nan yana faruwa, ka duba H10 da adadin da ke littafinka.

Shekarun ƙauye da zancen gaskiya

Akwai abin da Excel ba zai gyara maka ba. A garuruwanmu manya da yawa ba su da takardar haihuwa, in ka ce Baba shekarunka nawa sai ya ce "kai ɗan nan, ai na yi sittin", Inna ta ce hamsin, matashi ya ce talatin da biyar. Saboda haka lambobin da suka ƙare da 0 da 5 cika suke maƙil, na gefensu kuma fayau. Ka gwada a rajistarka ka gani, ka ƙirga masu 35 da `=COUNTIF(C:C,35)` sannan ka gwada 34 da 36.

Abin da hakan yake nufi shi ne, in iyaka ta faɗa kan irin wannan lambar, matsar da ita da shekara ɗaya kacal yana kwashe mutane da yawa daga wani rukuni zuwa wani. A misalinmu ka canza F5 daga 36 zuwa 35, ka gyara sunayen G4 da G5, za ka ga matasa sun koma 2 magidanta sun zama 3. A mutum ɗari huɗu bambancin ba ƙarami ba ne. Don haka in rahoton unguwarku da na maƙwabta za a haɗa, ku fara daidaita kolom F tukuna, kuma a ƙasan rahoto ka rubuta a fili cewa mai 35 yana cikin matasa. Sannan kar ka taɓa goge kolom C ka bar rukuni kaɗai, gobe wasu za su zo su ce mata 'yan 15 zuwa 49 suke so, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke ƙirgawa, in shekarun suna nan gyaran lambobi kaɗan ne a teburin, in ka goge sai an sake zaga gari.

Tsofaffin da ba su san shekarunsu ba, ni da abin da suka tuna nake lissafa musu. Wadda ta ce ta yi wayo lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960, ko wanda ya ce yana saurayi aka kashe Murtala a 1976, ko aka yi aurenta shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991, ka samu madafa. In ka yi haka ka sa alama a wani kolom cewa ƙiyasi ne.

Yaran da ke da katin haihuwa ko na riga-kafi kuwa gara ka rubuta ranar haihuwar a kolom E, ka sa ranar da aka yi rajista a M1, C2 ya zama `=DATEDIF(E2,$M$1,"Y")`, yana ba da cikakkun shekaru. Kar ka sa TODAY() a wurin M1, in ba haka ba duk sanda aka buɗe fayil ɗin bayan wata biyu adadin ya canza, yara sun tsallaka rukuni, a ce ka kawo lissafi biyu.

Maki da kuɗin shiga

Tsarin bai canza ba, teburin kawai ake sakewa. Na makin jarabawa irin yadda makarantun sakandare suke bi na WAEC, mafaran su ne 0 F9, 40 E8, 45 D7, 50 C6, 55 C5, 60 C4, 65 B3, 70 B2, 75 A1. A katin sakamako A1 ake fara rubutawa a sama, in ka kwafa a haka ka juya teburin kenan, dole layin makin F9 ya zama a sama. Layi tara ne, ka faɗaɗa `$F$2:$G$7` ya kai ƙarshensu. Abin da ke kawo rigima a nan shi ne maki mai ɗigo. Yaro ya samu 74.5, akwatin an saita shi ba ya nuna ɗigo sai ya nuna 75, fomula kuma ainihin 74.5 take gani ta ba shi B2, uba ya zo da kati a hannu yana cewa Malam ya aka yi ɗana ya ci 75 ba a ba shi A1 ba. Makaranta ce za ta yanke ko ana cike rabin maki, in ana cikewa ka sa `ROUND(C2,0)` a wurin C2 na cikin VLOOKUP, a yi wa kowa iri ɗaya. Ɗalibin da bai zauna jarabawa ba a bar masa fili, ISNUMBER zai ware shi, kar a haɗa shi da wanda ya zauna ya ci sifili.

A kuɗi kuma kalmomin fom ɗin za ka karanta da kyau. "Ƙasa da naira 30,000" daban yake da "wanda bai wuce naira 30,000 ba". A na farko rukuni na biyu daga 30000 yake farawa, a na biyu daga 30001. Kuma kamar shekaru, mutane lamba zagayayya suke faɗa, masu cewa dubu talatin cif suna da yawa, wannan naira ɗayar ita take raba wanda zai shiga tallafi da wanda ba zai shiga ba. A buga kuɗin lamba zalla, ba N a gaba, ba k a baya. Manomi kuma da kaka yake samun nasa, tela da mai shayi kullum, malami wata-wata, sai an mayar da duka ma'auni ɗaya kafin a raba, ko na wata ko na shekara, in ba haka ba mai buhun gero goma a shekara zai fito sama da mai albashi.

Wasu za su ce me ya sa ban yi amfani da XLOOKUP ba, tunda in ka sa masa -1 yana wannan aikin kuma bai damu da jeri ba. Gaskiya ne, amma sai Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 yake da shi, kwamfutocin shagunan buga takardu da muke zuwa kuwa da yawa tsohon Excel ne a kai, za ka iya buɗewa ka tarar da `#NAME?` ya cika shafi. VLOOKUP da COUNTIFS ko Excel 2007 yana da su.

In za ka tura sakamako, G1 zuwa K9 kaɗai za ka kwafa ka kai sabon fayil, ka liƙa da Paste Special ka zaɓi Values don lambobin su tsaya ba fomula ba. Rajistar mai sunaye da shekaru da kuɗin shigar mutane kar ta shiga guruf ɗin WhatsApp, amana aka ba ka, ta tsaya wajenka da wanda ya sa ka aikin. Dagaci teburin nan mai layi bakwai na kai masa a takarda ɗaya, da layin Babu shekaru a ciki ban ɓoye ba, ya duba ya ce a tura yaro gidajen a ƙarasa tambaya kafin ranar kasuwa.